Abin da aka ajiye a ƙarƙashin "Show More": lamarin Warner Bros. da masu bidiyon YouTube

A ranar 11 ga Yuli, 2016, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da FTC, ta sanar da cewa ta cimma sulhu da kamfanin Warner Bros. Home Entertainment a kan wani zargi da ya shafi tallan wasan bidiyo. Kamfanin ya biya masu tashoshin YouTube kuɗi don su yaba wasansa. Bai hana su faɗin cewa an biya su ba, hasali ma ya umarce su da su rubuta hakan, kuma da yawansu sun rubuta. Duk da haka hukumar ta ce an yaudari masu kallo. Gardamar gaba ɗayanta a kan wuri ce: a ina aka rubuta maganar, kuma wa ya gan ta kafin ya gama kallo?

Wasan shi ne Middle-earth: Shadow of Mordor, wanda ya fito a ƙarshen watan Satumba na 2014. Warner Bros. ya ɗauki wani kamfanin talla mai suna Plaid Social Labs don ya nemo masu bidiyon wasanni da jama'a ke bi. Aka ba su wasan tun kafin ya shiga kasuwa, aka kuma biya su kuɗi, daga ɗaruruwan daloli har zuwa gomomin dubbai, gwargwadon girman tashar mutum. Mafi shahara a cikinsu shi ne Felix Kjellberg, ɗan ƙasar Suwidin da duniya ta sani da PewDiePie. Bidiyoyin da aka yi a wannan kamfe an kalle su fiye da sau miliyan 5.5, kuma bidiyon PewDiePie kaɗai ya kwashi kusan miliyan 3.7 daga ciki.

Kuɗin suna da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka sa boye biyan ya zama babban abu. An ce wa mai bidiyo ya nuna wasan ta fuska mai kyau. Idan ya ci karo da wata matsala ko tangarɗa a cikin wasan, kada ya nuna ta. Kada ya faɗi wata magana ta suka a kan wasan ko kamfanin. Ya kira masu kallo da bakinsa, da ƙarfi, su latsa mahaɗin da ke cikin akwatin bayani don su je shafin wasan. Ya kuma tallata bidiyon a Facebook ko Twitter. Sannan kamfanin yana da ikon duba bidiyon kafin a sake shi. Wasu masu sharhin wasanni, irin su marigayi John Bain da aka sani da TotalBiscuit, sun fallasa waɗannan sharuɗɗa tun a 2014, tun hukuma ba ta ce komai ba.

To yaron da ya buɗe irin wannan bidiyo don ya yanke shawarar ko zai kashe kuɗinsa a kan wasan, me yake tsammanin yana gani? Yana tsammanin ɗan wasa ne kamarsa ya zauna yana gwadawa, idan wasan ya maƙale zai gani, idan ya gundure shi zai ji a muryarsa. Alhali abin da ke gabansa talla ne da aka tace, wanda yarjejeniya ta hana aibi fitowa a cikinsa. Da ya san haka, zai iya ci gaba da kallo ya ji daɗinsa, amma zai auna yabon da wani ma'auni dabam. Wannan damar ta aunawa ita ce abin da dokar take karewa.

Yadda akwatin bayani yake

Duk wanda ya taɓa ɗora bidiyo a YouTube ya san akwatin da ke ƙarƙashinsa. Yana ɗaukar rubutu har haruffa 5,000, amma mai kallo ba ya ganin duka. Layi biyu ko uku na farko ne suke fitowa, a waya ma abin bai kai haka ba, sauran kuwa sai an latsa. A wancan lokaci maɓallin yana ɗauke da "Show More", yanzu an fi ganin "...more". Ke nan akwati ɗaya ne amma gida biyu: akwai ɗan abin da ke fili wanda kowa yake gani ko bai nema ba, akwai kuma na ciki wanda sai mai niyya yake shiga.

A umarnin da aka ba masu bidiyon, an fayyace cewa bayanin wasan ya zo a sama, a wurin da ake gani ba tare da latsawa ba. Maganar cewa an ɗauki nauyin bidiyon kuwa, an dai ce a sa ta a cikin akwatin, ba a ce lallai a sama ba, ba a kuma ce a faɗe ta da baki ko a rubuta ta a kan hoton bidiyon ba. A wurina wannan shi ne zuciyar lamarin. Waɗanda suka tsara kamfen sun san sarai bambancin sama da ƙasa, tunda sun kama saman don abin da suke son a gani. Abin da ya rage sai ya gangara inda ya samu wuri. Sakamakon haka, a mafi yawan bidiyoyin sanarwar biyan ta faɗa ƙarƙashin "Show More", a tsakanin mahaɗai da sauran rubuce-rubucen da mai tasha ya saba jerawa.

Hukumar ta ƙara da wani abu da mutane suke yawan mantawa da shi. Bidiyon YouTube ba a YouTube kaɗai ake kallonsa ba. Idan aka liƙa shi a Facebook ko Twitter, mutum zai iya kallonsa a can daga farko har ƙarshe, kuma akwatin bayanin ba ya biyo shi, ko maɓallin "Show More" ɗin ba ya fitowa. Ga shi kuma yarjejeniyar da kanta ta wajabta a tallata bidiyon a waɗannan wurare. Wato kamfen ɗin ya tura jama'a kallo a inda babu yadda za a yi su ga sanarwar, ko da sun so.

Akwai kuma waɗanda suka yi sanarwa amma rabi. Sun ce an ba su wasan kyauta, ko an ba su damar taɓa shi kafin kowa, ba su ce an biya su kuɗi ba. Wannan ya fi shirun haɗari ta wata fuska, domin mai kallo yana jin an riga an gaya masa gaskiya, sai ya saki jiki. A duniyar wasanni ba abin mamaki ba ne kamfani ya aika wa mai sharhi kwafin wasa kyauta, kuma mai sharhin ya soke shi son ransa. Wanda ya ji "sun aiko mini da wasan" zai sa bidiyon a wannan sahu, ba zai kawo a ransa cewa akwai dubban daloli da takardar da ta hana suka ba. Hukumar ta kuma ce aƙalla sau ɗaya kamfanin ya duba wani bidiyo ya amince da shi alhali ba shi da isasshiyar sanarwa.

Sulhun bai ƙunshi tara ba. An ɗora wa Warner Bros. cewa nan gaba ba zai nuna talla a matsayin ra'ayin mutum mai zaman kansa ba, zai wayar da kan duk wanda ya ɗauka game da yadda ake sanarwa, zai riƙa bin bidiyoyinsu yana dubawa, kuma wanda ya ƙi bi za a iya riƙe kuɗinsa ko a raba gari da shi. Ba a tuhumi masu bidiyon ba. PewDiePie ya fito ya kare kansa, ya ce shi ya rubuta cewa an ɗauki nauyin bidiyon, kuma ba a yi masa adalci ba da aka riƙa buga sunansa a kanun labarai kamar ya boye. Ta fuskar cewa ya rubuta, gaskiya ya faɗa. Amma tambayar hukumar ba ita ce ko an rubuta ba. Ƙa'idojinta a kan yabon kaya da aka sabunta a 2009 sun riga sun shafi masu rubutu da bidiyo a intanet, kuma jagorar da ta fitar a 2013 a kan sanarwa a shafukan intanet ta riga ta ce sanarwar da mutum ba zai lura da ita ba ba ta cika aikinta ba.

Ba Amurka kaɗai ta kai ga wannan matsaya ba. A watan Nuwamba na 2014, hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya, ASA, ta yanke hukunci a kan wasu bidiyoyin da masu YouTube suka yi na biskit ɗin Oreo. A cikinsu akwai godiya ga Oreo da ya sa bidiyon ya yiwu. Hukumar ta ce godiya ba ta nuna wa mai kallo cewa talla yake kallo, kuma ya kamata ya sani tun kafin ya shiga kallon. Ina ganin wannan hukunci ya dace da mu ƙwarai, domin mu mutane ne masu yawan godiya. "Muna godiya ga kamfani kaza, Allah Ya saka da alheri" magana ce da za a iya faɗa wa wanda ya ba da aron ɗaki, ko ya kawo ruwan sha, ko ya biya rabin miliyan. Mai sauraro ba shi da hanyar bambancewa.

Abin da ya sauya bayan haka

A watan Oktoba na 2016 YouTube ya ƙara wani akwatin zaɓi a wurin ɗora bidiyo, inda mai tasha zai nuna cewa bidiyonsa yana ɗauke da tallan da aka biya. Idan ya zaɓa, rubutun "Includes paid promotion" yana fitowa a kan bidiyon a farkonsa. Wajibi ne a dokokin YouTube a zaɓi wannan idan akwai biya, kuma abu ne mai kyau. Sai dai rubutun ƙarami ne, yana ɓacewa bayan ɗan lokaci, kuma ba ya faɗin wa ya biya, ko a kan wane kaya. A bidiyon da aka kwatanta wayoyi huɗu, wannan rubutu ba zai gaya wa kowa cewa kamfanin ta ukun ne ya biya ba.

FTC ta fito da ɗan littafin jagora ga masu tasiri a kafafen sada zumunta a 2019, inda ta ce idan yabon a cikin bidiyo yake, sanarwar ma ta kasance a cikin bidiyon, kada a bar ta a akwatin bayani kaɗai. A 2023 ta sake sabunta ƙa'idojin, ta fayyace abin da take nufi da sanarwa bayyananniya: wadda take da wuyar kuɓuce wa mutum, kuma talaka zai gane ta cikin sauƙi. Idan da baki aka yi yabon, a ji sanarwar da kunne. Idan a hoto ne, a gan ta da ido. Idan duka biyun ne, a yi duka biyun. Ta kuma ce kayan aikin da dandamali ya tanadar don sanarwa ba lallai ne ya wadatar shi kaɗai ba.

To idan haka ne, mene ne amfanin akwatin bayani? Wasu suna ɗauka tunda bai isa shi kaɗai ba, a bar shi kawai. Wannan kuskure ne. Akwatin shi ne inda ake komawa. Wanda ya tsallake farkon bidiyo, ko ya shigo ta tsakiya, ko ya dawo bayan wata uku yana neman sunan kayan, a nan zai duba. Kuma a nan ne mahaɗan saye suke zaune, wanda ya kawo mu ga rabi na biyu na matsalar.

Mahaɗin da ke kawo la'ada

A lamarin Warner Bros. an biya kuɗi tun farko. Akwai wata hanyar samun kuɗi da ta fi wannan yawa a YouTube kuma ta fi ta boyuwa: mai bidiyo ya sa mahaɗi zuwa kantin intanet, duk wanda ya bi ta nan ya yi sayayya, kantin ya ba mai bidiyon la'ada. Babu kamfanin da ya kira shi, babu yarjejeniyar yabo, shi da kansa ya yi rajista a shirin kantin. Saboda haka mutane da yawa suna jin babu abin da za su bayyana.

Ga yadda abin yake aiki a Amazon, misali. Mahaɗin yana ɗauke da alamar mai shi a ƙarshensa, wani abu kamar `tag=` da sunan da ya yi rajista da shi. Idan an gajarce shi sai ya koma `amzn.to` da wasu haruffa, alamar ta ɓace daga ido. Da mutum ya latsa, kantin ya san ta hannun wa ya zo, kuma a ƙa'idar shirin, sayayyar da ta cancanta da ya yi cikin sa'o'i 24 tana jawo wa mai mahaɗin la'ada, ko da ba kayan da aka nuna a bidiyon ya saya ba. Farashi ba ya ƙaruwa a kan mai saye, kuma wannan ne ya sa ake cewa ai ba a cuci kowa ba.

Amma a dubi inda kuɗin yake jan mai sharhi. Idan ya ce kayan ba su da kyau, kada a saya, bai samu ko sisi ba. Idan ya ce a sayi mai tsada maimakon mai araha, la'adarsa ta ƙaru. Idan kayan da ya fi kyau ba a sayar da shi a kantin da yake da rajista, yana da dalilin mantawa da shi. Ba ina cewa kowane mai mahaɗi yana karkata ba ne, akwai masu amana da yawa. Dillalin da ke kasuwar dabbobi ma yana iya zama mai amana, kuma kowa ya yarda ya ci la'adarsa, amma saboda an san shi dillali ne. Da zai zo a matsayin maƙwabci mai ba da shawara, a bayan fage kuma ya karɓi rabonsa daga mai saniya, da ranar da aka gane an daina gaisawa da shi.

Wasu masu bincike a jami'ar Princeton, Arunesh Mathur da Arvind Narayanan da Marshini Chetty, sun duba bidiyoyin YouTube sama da 500,000 a wani nazari da suka fitar a 2018. A cikin waɗanda suke ɗauke da mahaɗan la'ada, kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai suka yi wata sanarwa. Da suka gwada kalaman sanarwar a kan mutane, sai suka ga gajerun da ba su yi bayani ba ba sa fahimtar da masu karatu cewa akwai kuɗi a ciki, waɗanda suka yi bayanin yadda mai bidiyo yake samun kuɗi su ne suka fi aiki. FTC ma ta ce rubuta "affiliate link" kawai ba lallai mutane su gane shi ba, gara a ce a fili ana samun la'ada idan an saya. Amazon kuwa yana wajabta wa duk wanda ke shirinsa ya rubuta wannan jimla a inda ake gani:

```
As an Amazon Associate I earn from qualifying purchases.
```

Wannan jimla sharaɗin kantin ce, kuma a rubuta ta yadda take. Amma ga wanda yake bidiyo da Hausa, ba ta isa ba. Jagorar FTC ta 2019 ta ce sanarwa ta kasance da harshen da aka yi yabon da shi, kuma ko babu hukuma hankali ma ya ba da haka. Mutum ya yi minti goma sha biyar yana yabon kaya da Hausa tsantsa, sannan ya boye maganar kuɗi a cikin jimlar Turancin lauyoyi, ya maimaita abin da aka yi a 2014 ne ta wata ƙofa.

A gwada shi a kan bidiyo guda

Mu ɗauki misali na ƙirƙira don a ga abin a aikace. Wata mai tasha ta yi bidiyo da Hausa tana kwatanta fitilun sola guda uku. Kamfanin ta farko ya biya ta kuɗi kuma ya ba ta fitilar. Ta biyu wani kanti ne ya aiko mata kyauta, babu kuɗi, babu sharaɗi. Ta uku da kuɗinta ta saya, amma mahaɗin da ta sa na la'ada ne. Ga yadda aka saba ganin akwatin irin wannan bidiyo:

```
Fitilun sola 3 da suka fi kowanne haske! Ku kalla har ƙarshe.
Ku yi subscribe, ku danna ƙararrawa.
...more
(mahaɗai uku, shafukanta na sada zumunta, lambar rangwame)
Godiya ta musamman ga abokan hulɗarmu. #sp #collab
```

Duk aibin lamarin Warner Bros. yana nan. Saman ya tafi a kan kiran kallo. Sanarwar tana can ƙasa, bayan an riga an wuce mahaɗan. Ba ta ambaci kuɗi ba, ba ta faɗi sunan wanda ya biya ba, ta haɗa alaƙa iri uku a cikin kalma ɗaya. Gajerun alamomi irin su #sp da #collab kuwa suna cikin waɗanda FTC ta ambata da suna ta ce a guje su, domin ba kowa ya san abin da suke nufi ba. Ga yadda ya kamata ya kasance:

```
TALLA: Kamfanin A ya biya ni kuɗi don wannan bidiyo, ya kuma ba ni fitilarsa.
Ina samun la'ada idan kuka saya ta mahaɗan da na yi wa alama a ƙasa.
...more
Fitila A (su suka biya): mahaɗi
Fitila B (kyauta aka aiko mini, ba a biya ni ba): mahaɗi
Fitila C (da kuɗina na saya; mahaɗin la'ada ne): mahaɗi
```

Kalmar farko ita ce "talla", saboda idan waya ta yanke rubutun bayan kalmomi kaɗan, wadda ta fi muhimmanci ta riga ta fito. An ce "biya" da "kuɗi", kalmomin da ba sa ɗaukar fassara biyu. An faɗi sunan wanda ya biya. Sannan an maimaita alamar a jikin kowane mahaɗi, domin mai neman mahaɗi idonsa a kan mahaɗin yake, ba ya komawa sama ya karanta. Lambar rangwame ma haka take: idan kamfani yana ƙirga waɗanda suka yi amfani da lambar yana biyan ta a kansu, to la'ada ce, a rubuta hakan a gefen lambar.

Mutane sukan tambaya ko dole ne a faɗi adadin kuɗin. A ƙa'idar FTC, galibi ba dole ba ne. Abin da ake buƙata shi ne a san irin alaƙar: kuɗi ne, kyauta ce, la'ada ce, ko kamfanin na ɗan'uwa ne, ko mai bidiyon yana da hannun jari a ciki. Wannan na ƙarshen ya taɓa kai mutane gaban hukumar. A 2017 FTC ta yi sulhu da Trevor Martin da Thomas Cassell, masu YouTube biyu da suka riƙa tallata shafin caca na CSGO Lotto ba tare da sun bayyana cewa su ne masu shi ba, kuma shi ne karo na farko da ta kama masu tasirin da kansu maimakon kamfani.

Bayan akwatin, sai bidiyon kansa. Mai fitilun za ta zaɓi akwatin tallan da aka biya lokacin ɗorawa, ta kuma faɗa da bakinta a farko, kafin ta soma yabo: kamfani kaza ya biya ni, ta biyun kyauta ce, kuma ina da la'ada a mahaɗin ta uku. Gajeriyar magana ce, ba ta kai daƙiƙa goma sha biyar ba. Ta sa rubutun a kan hoton a daidai lokacin, da haruffan da za a iya karantawa a ƙaramar waya. Idan bidiyon dogo ne kuma sashen tallan yana tsakiya, ta sake faɗa idan ta iso wurin. Idan kai tsaye take yi, ta riƙa maimaitawa lokaci zuwa lokaci, tunda mutane suna shigowa suna fita.

A nan ne nake ganin hujjar da hukumar ta kawo a kan Facebook da Twitter ta fi ƙarfi a wurinmu fiye da a Amurka. Bidiyon Hausa ba ya zama inda aka ɗora shi. Ana sauke shi, a tura ta WhatsApp, a yanko minti ɗaya a sa a TikTok, a tura daga waya zuwa waya ta Xender, a loda shi a katin waya a shagon masu caji. A duk wannan tafiya akwatin bayani ba ya bin sa, rubutun "Includes paid promotion" ma ba ya bin sa, domin na YouTube ne, ba a jikin fayil ɗin yake ba. Abin da aka faɗa da baki da abin da aka rubuta a kan hoton su kaɗai suke isa ga mutum na goma. Kuma a cikin masu kallon akwai da yawa da sauraro ne hanyarsu, karatun boko ba ya yi musu sauƙi. Ga waɗannan, sanarwar da ba a furta ba babu ita.

Ta fuskar doka kuma, kada mai tasha a Kano ko Maraɗi ya ɗauka abin na Amurkawa ne kawai. Dokokin YouTube da na shirin la'adar da ya shiga suna kansa duk inda yake, kuma kanti yana iya rufe asusun wanda ya saɓa. FTC ta ce dokar Amurka tana iya shafar wanda ya ɗora daga waje idan ana iya hasashen abin zai taɓa masu saye a Amurka. A Najeriya kuma dokar 2022 ta kafa hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, a madadin tsohuwar hukumar APCON, kuma hukumar ta sha faɗa cewa tallan da ake yi a kafafen sada zumunta, har da na masu tasiri, yana buƙatar tantancewarta kafin a sake shi.

Hanyar gane ko an yi daidai ba ta da wuya. Bayan an ɗora, a buɗe bidiyon a waya, ba a kwamfutar da aka yi aikin ba, a duba abin da ya fito kafin "...more". A tura mahaɗin bidiyon a WhatsApp a ga abin da mai karɓa yake gani. Sannan a ba wani wanda bai san da yarjejeniyar ba ya kalli minti ɗaya na farko, a tambaye shi: akwai wanda ya biya, kuma wane ne? Idan ya yi jim yana tunani, da sauran gyara.

Tsofaffin bidiyoyi ma suna buƙatar wannan dubawar. Yakan faru mutum ya yi sharhin kaya tsakani da Allah shekara biyu da suka wuce, babu kuɗin kowa a ciki, daga baya ya shiga shirin la'ada ya koma ya zuba mahaɗai a ƙarƙashin duk bidiyoyinsa. Muryar da ke cikin bidiyon tana iya cewa "babu wanda ya biya ni", kuma a lokacin gaskiya ne, amma yanzu kowane saye yana kawo masa kuɗi. Ba zai iya sauya abin da ya furta ba sai ya sake ɗora bidiyon, don haka layin farko na akwatin ne zai ɗauki nauyin: ya rubuta cewa an ƙara mahaɗan la'ada bayan an yi bidiyon, ya sa watan da shekarar da ya ƙara su, ya kuma yi wa kowane mahaɗi alamarsa.